Takardar sanar da ma'aikata zuwan ERP: me ake faɗa, me ake yawan ɓoyewa

Takardar farko da na taɓa rubutawa don sanar da ma'aikata cewa kamfani zai koma aiki da ERP shafi biyu ce cur, na zauna na zuba mata kalamai masu daɗi, ci gaba, zamani, rage kashe kuɗi, ƙara inganci, Alhaji mai kamfanin ya karanta ya ce ta yi ya sa hannu, aka manna a allon sanarwa aka kuma tura a guruf ɗin WhatsApp na ma'aikata. Bayan la'asar sai ga mai kula da babban sitonmu, dattijo ne da ya fi shekara ashirin yana riƙe da makullin, ya tsaya a bakin ƙofar ofis ɗina ya ce, "Yallaɓai, wannan abin da kuka kawo, mu nawa za a sallama?" Na ce Baba a ina ka ga maganar sallama? Ya ce ai ka rubuta rage kashe kuɗi, to mu ne kuɗin da ake kashewa.

Kamfanin na rarraba kayan masarufi ne a Kano, sukari, shinkafa, taliya, man gyaɗa, da babban sito ɗaya da daffo biyu a wasu garuruwan. Takardar nan sai da muka janye ta muka sake wata, kuma a kan ta biyun nan zan yi bayani, don na lura mutane suna ɗaukar wannan takarda kamar katin gayyatar biki, alhali ita ce karo na farko da direba da kashiya da mai sito za su ji labarin abin da zai juya musu aikinsu na kullum, kuma abin da suka fahimta a ranar shi za su riƙe har ranar farawa.

Kafin takardar, bari mu fahimci abin da ake sanarwa, don da yawan masu rubuta ta su ma ba su gane shi sosai ba. ERP manhaja ce guda ɗaya da ke haɗa saye da sito da sayarwa da akawu da albashi a rumbun bayanai ɗaya. Shi sunan ERP ɗin, kamfanin bincike na Gartner ne ya fito da shi a 1990, amma irin manhajar ta girme shi, SAP ma a 1972 aka kafa shi a Jamus. Yau akwai su iri-iri, SAP da Oracle na manyan kamfanoni, su Odoo da ERPNext da Sage da Dynamics na Microsoft kuma matsakaita sun fi zuwa gare su. Amma ma'aikaci ba ruwansa da wannan tarihin, abin da ya shafe shi shi ne wannan: a da in tirela ta sauke sukari, mai sito zai rubuta a littafinsa, mai saye yana da nasa fayil ɗin Excel, akanta kuma sai takarda ta iso teburinsa bayan kwana uku ko sati, kowa da nasa lissafin. A ERP shigarwa ɗaya ce, mai sito na danna cewa ya karɓi kaya, nan take adadin kaya ya ƙaru a idon mai sayarwa, bashin da mai kawo kaya ke bin mu kuma ya bayyana a idon akanta. Daɗin kenan, kuma nan ne wahalar take, saboda kuskuren mutum ɗaya yanzu ba ya tsayawa a littafinsa, yana bin layi ya shiga aikin kowa.

Toh sakin farko na takardar, dalili. Nan aka fi yin ƙarya, ba ƙaryar mugunta ba, ƙaryar kunya. Ba wanda yake so ya rubuta cewa lissafinmu ba ya haɗuwa. Amma ma'aikata sun riga sun sani, su ne fa suke kwana a ofis ƙarshen wata, in ka rubuta musu "don tafiya da zamani" sai su ce akwai abin da ake ɓoyewa, su cike gurbin da nasu zargin. Ga yadda muka rubuta a karo na biyu:

"Assalamu alaikum abokan aiki, barkanmu da ƙoƙari. Kowa ya san yadda muke shan wahala wajen rufe lissafin wata, sai mu kai tsakiyar wata mai bi ba mu gama ba. A ƙirgen da ya wuce littafin sito ya nuna buhun sukari 412, kwamfutar akawu ta nuna 380, da aka ƙirga da hannu aka samu 396, kuma ba a kama kowa da laifi ba, takardu ne suka yi ta saɓani a hanya. Sau da dama muna sayar wa kwastoma kayan da babu su a sito. Saboda haka kamfani ya yanke shawarar komawa tsari ɗaya da kowa zai riƙa shigar da aikinsa a ciki, sunansa ERP."

Ku lura da "ba a kama kowa da laifi ba". Da gangan aka sa shi. In ka kawo misalin giɓi a sito ba ka wanke masu sito ba, ka riga ka sanar da duk kamfani cewa ɓarayi ne ake so a kama, kuma su ne mutanen da za ka fi buƙata ranar ƙirge. In kuwa da gaske akwai maganar sata, wannan aikin odita ne da ofishin Alhaji, ba na takardar da masinja da mai shara za su karanta ba. Sannan lambobin nan uku sun fi sakin layi goma na bayani aiki, don duk wanda ya taɓa tsayawa a sito yana ƙirga buhu da zufa ya san me ake nufi.

Sashe na biyu shi ne me zai canja, kuma shi ya kamata ya ci rabin takardar. Kuskuren da na yi da farko shi ne na jero sassan manhajar, sashen kaya, sashen kuɗi, sashen ma'aikata, kamar mai tallan waya. Ba wanda ya ga kansa a ciki. Abin da ke aiki shi ne ka bi mutane da sunan aikinsu, ka ce kai mai sito ga abin da kake yi yau, ga abin da za ka yi daga ranar kaza, kuma ka faɗi abin da za a hana, don ERP rabinsa hani ne.

Ɗauki saye. An yi odar buhu 600, lodin tirela ɗaya, aka sauke aka ƙirga 594, shida sun fashe ko sun bi iska a hanya, mai kawo kaya kuma ya turo takardar neman kuɗin 600. A da akanta zai biya 600 ɗin don ita ce takardar da ke gabansa, sai bayan wata biyu wani ya tuna. A sabon tsari abu uku ake gwadawa kafin kuɗi su fita, odar da aka yi, abin da mai sito ya shigar a matsayin ya karɓa, da takardar neman kuɗin, in ba su yi daidai ba biyan zai tsaya har sai an warware maganar buhu shidan. A takarda sai muka rubuta wa masu sito cewa daga ranar farawa duk kayan da aka sauke za a shigar da `GRN` ɗinsu, wato shaidar karɓar kaya, a ranar kafin a tashi, adadin da aka ƙirga da hannu ba wanda ke rubuce a webil ba. Mai saye kuma aka ce masa ba sauran yin oda ta waya a zo a cike takarda daga baya, sai an buɗe `Purchase Order`, wato takardar odar, an amince da ita tukuna.

Wanda ya fi tada ƙura shi ne bashin diloli. Kowane dila aka yanka masa iyaka, misali naira miliyan biyar, in ana binsa miliyan huɗu da dubu ɗari shida ya zo yana son kayan dubu ɗari tara, sistam ɗin zai ƙi fitar da takardar lodi, shikenan, ko mai sayarwa ya yi ta dannawa. Kuma kun san yadda kasuwancinmu yake, dila zai ɗaga waya ya kira Alhaji, sun yi shekara talatin tare tun suna kasuwar Singa, Alhaji ya kira yaron da ke kan kwamfuta ya ce "a ba shi", yaro kuma ba shi da bakin cewa a'a. Na ce wa Alhaji, ranka ya daɗe, in ba a rubuta a takardar nan cewa dokar ta hau kan kowa har da kai ba, cikin sati biyu za a koma fitar da kaya da 'yar takarda a hannu, a bar kwamfutar tana kallo. Ya yi shiru ya ce to ni ba ni da ikon yi wa mutumina alfarma kenan? Na ce kana da shi, amma a ciki za ka yi ta, ka shiga da sunanka ka ɗaga masa iyakar, ya zauna a rubuce. Haka aka sa: "Manajan darakta da shugaban akawu ne kaɗai za su iya ɗaga iyakar bashi, kuma a cikin sistam za su yi, ba ta waya ba. Duk ma'aikacin da ya ƙi fitar da kaya saboda sistam ya hana, ba za a ga laifinsa ba." Jimlar ƙarshen nan wallahi ita ce aka fi yi mana godiya a kanta.

Akwai kuma maganar kalmar sirri, gajeriya ce amma dole ta shiga. Kowa da sunansa na shiga, duk abin da aka yi da sunanka kai ka yi shi, to al'adar nan ta "ga fasuwod ɗina ka shigar min zan je masallaci" ta ƙare.

Sai tambayar Baba, wadda ita ce ainihin abin da kowa ke nema a takardar tun daga layin farko. Mutanenmu da sun ji an ce sabon sistam na kwamfuta da ya haɗa da albashi, IPPIS suke tunawa, wato tsarin biyan albashin ma'aikatan gwamnatin tarayya, da tantance ma'aikata da labaran waɗanda albashinsu ya maƙale, kowa yana da ɗan'uwa ma'aikacin gwamnati da ya ba shi labari. Ba za ka iya tsallake wannan ba. Amma kada ka rubuta alƙawarin da ba a ba ka ba. In hukumar kamfani ta yanke cewa ba za a sallami kowa ba saboda wannan aikin, a rubuta ƙarara. In ba ta yanke ba, kada a ce "ba abin da zai samu kowa" don a kwantar da hankali, gara a faɗi iya abin da aka sani. Mu abin da ya faru, akwai mutum uku da aikinsu kawai shi ne kwafe takardun daffo zuwa Excel, wannan aikin kam ya mutu, ba wata kwana-kwana. Aka zauna da su ɗaya bayan ɗaya kafin takardar ta fita, biyu suka koma bin bashi ɗaya ya koma sito, sannan aka rubuta cewa ba wanda zai rasa aikinsa ko a rage masa albashi saboda ERP, wasu ayyuka za su canja kuma an riga an yi magana da waɗanda abin ya shafa. Mutum bai kamata ya ji labarin mutuwar kujerarsa a allon sanarwa ba.

Yanzu ranar farawa. Mutane suna rubuta rana ɗaya da manyan baƙaƙe su ɗauka sun gama, alhali ranar farawa jela ce, akwai ranaku a gabanta da suka fi ta shafar ma'aikaci. Mu Litinin 1 ga Satumba muka zaɓa, kuma ba don ta yi kyau a ido ba. Farkon wata ne, wato lissafin Agusta zai rufe a tsohon tsari gaba ɗayansa, Satumba ya buɗe a sabo, ba a raba wata gida biyu ba, wanda duk akantan da ya taɓa haɗa rabin wata daga nan rabi daga can zai gaya maka azaba ce. Kuma lokacin kasuwarmu da sauƙi. Mai sayar da sukari da man gyaɗa da ya sa ranar farawa sati biyu kafin azumi ya nemi rigima da kansa, don a satin farko komai sai ya yi nawa, lodin da ake yi cikin minti ashirin zai koma awa ɗaya saboda yaro yana neman inda zai danna, motoci kuma sun yi layi a waje. Ba mu kaɗai ba ne, kamfanin cakulan na Hershey a Amurka ya kunna sabon tsarinsa a tsakiyar 1999 dab da lokacin da odar bikin Halloween ke shigowa, aka wayi gari kaya na cikin sito amma an kasa fitar da odar kimanin dala miliyan 100. In hakan ta samu Hershey to mai daffo biyu sai ya kiyaye.

Ga yadda sashen ranakun ya fita, a dunƙule. Horo daga 4 zuwa 22 ga Agusta, kowane sashe da kwanakinsa, kuma cikin lokacin aiki ne ba a ce mutum ya zo ranar hutunsa ba. Daga 15 ga Agusta ba a buɗe sabon kwastoma ko sabon sunan kaya sai ta hannun mutum ɗaya da aka naɗa. Wannan mutane ba sa gane dalilinsa sai an faɗa musu, dalilin kuwa shi ne ana tsaka da wanke jerin sunaye kafin a kwashe su zuwa sabon tsarin, mu mun tarar da dila ɗaya da sunaye uku kowanne da nasa bashin, taliya kuma wani daffon yana lissafa ta da katan wani da ƙwaya, katan ɗaya ƙwaya 20 ne, ka ga in aka kwashe haka nan sistam zai ce kana da katan 2,000 alhali 100 ne a ƙasa. In ana wankewa wasu suna ƙara sabbi ta baya ba za a taɓa gamawa ba.

Sannan rufe sito: daga bayan sallar Juma'a 29 ga Agusta har daren Lahadi 31, ba shiga ba fita, ƙirge kawai, don adadin da aka samu a ƙirgen nan shi ne za a buɗe sabon tsarin da shi, in ya shiga a karkace haka zai yi ta tafiya a karkace. Wannan layin ya shafi masu sayarwa fiye da kowa, dole su gaya wa dilolinsu tun da wuri su ɗauki kayansu kafin Alhamis, direbobi kuma su san ba lodi a kwanakin. Albashin Agusta a tsohuwar hanya, na Satumba za a lissafa shi a duka biyun a gwada kafin a tura banki, in an ga bambanci a tsaya a duba. Harajin Agusta, na albashi da ake kaiwa kafin 10 ga wata da na VAT kafin 21, daga tsoffin littattafai za a fitar da su, wannan layi ɗaya ne don 'yan akawu. Tsoffin fayilolin Excel kuma daga 1 ga Satumba na dubawa ne kawai, ba a ƙara rubuta komai a ciki. In ba ka rubuta wannan ba mutane za su ci gaba da riƙe nasu a ɓoye "saboda tsaro", bayan wata uku ka ga kana da lissafi biyu kamar da, ga kuɗin manhaja kuma kana biya.

Wani abu da na yi gardama a kansa da kamfanin da ya zo ya kafa mana tsarin, su suna so a rubuta ranar kamar an sassaƙa ta a dutse, wai in aka nuna alamar za ta iya ɗagawa mutane za su saki jiki. Ni kuma na ga in ka ce ba makawa sannan ka ɗaga, takardarka ta gaba ba mai yarda da ita. Abin da muka tsaya a kai shi ne a faɗi ranar da ƙarfi, a kuma faɗi ranar da za a tabbatar da ita: "Ranar Litinin 25 ga Agusta za mu duba ko an gama horo, ko jerin kaya da na bashi sun yi daidai da littafin akawu. In da abin da ya rage za mu sanar da ku a ranar, kuma sabuwar ranar za ta zama farkon wani watan." Ba wanda ya saki jiki, asali ma 25 ɗin ce ta zama ranar da kowa yake gudu ya cim ma.

Tambayar da aka fi yi bayan ta sallama ita ce in netwok ya ɗauke fa, ko wuta? Tambaya ce ta gaskiya, musamman ga daffon da ke wajen gari. Kada a amsa da "an tanadi komai". A faɗi abin da aka tanada, mu inbata da layin intanet na biyu aka sa a kowane daffo, sai littafin gaggawa mai lamba a kowane shafi wanda ke hannun manajan daffo, ba a buɗe shi sai ya kira ya sanar, kuma duk abin da aka rubuta a ciki sai an shigar da shi sistam cikin awa 24 da dawowar netwok. A kuma gaya musu gaskiya cewa satin farko da na biyu za a sha wahala, aiki zai yi nawa, ba gazawar kowa ba ce, ga sunan wanda za a kira a kowane sashe, mutum daga cikinsu wanda aka ba horo na musamman, ba wai "a tuntuɓi sashen kwamfuta" ba.

Wa zai sa hannu? Mai kamfani ko manajan darakta, ba shugaban sashen kwamfuta ba. In ta fito daga wajenmu 'yan kwamfuta, sunanta "abin yaran nan" kuma manajan daffo zai ajiye ta a ƙarƙashin faifan shayi. Ta fita kamar sati takwas kafin ranar, bayan an zauna da shugabannin sassa kwana ɗaya ko biyu kafin nan, don kada yaro ya tambayi ogansa ya ce shi ma yanzu yake gani. Tsawonta shafi ɗaya da rabi ya isa, jadawalin horo a manna shi daban. Mun fitar da ita da Turanci da Hausa, ta Turancin gaisuwarta ta kowa da kowa ce tunda ba duka ma'aikata ne Musulmi ko Hausawa ba, sannan Alhaji ya yi saƙon murya na minti uku saboda direbobi da 'yan dako, waɗanda gaskiya ba za su tsaya karanta allo ba.

Baba kuwa, da takarda ta biyu ta fita ya karanta ta Hausar a tsaye da tabarau a kan hanci, ya zo wajen layin 412 da 380 da 396 ya ce ai na gaya muku nawa ne ya fi kusa, duk da in ka lissafa tazarar ɗaya ce, goma sha shida ta nan goma sha shida ta can. Sai ya tambaya ko horon nasu da safe ne ko da yamma, don shi in tirela ta shigo ƙarfe goma ba zai bar sito ya je ya zauna gaban kwamfuta ba. Muka mayar da na masu sito ƙarfe bakwai da rabi na safe.